Yadda ake gwada sabuwar saba da fayil ɗin hosts kafin a taɓa DNS

Wata makaranta mai zaman kanta a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, tana da shafin intanet inda iyaye ke duba sakamakon jarrabawa, malamai kuma suke shigar da maki. Sabar da shafin ke zaune a kai, wato kwamfutar da ke ajiye shi tana miƙa shi ga masu ziyara, ta tsufa, ta kan yi nauyi duk ƙarshen zangon karatu, don haka hukumar makarantar ta yi hayar wata sabuwa, aka ba ni aikin kwashe shafin zuwa can. Kwashewar ba ta ɗauki fiye da yini ɗaya ba. Tambayar da ta rage ita ce wadda ke hana mai irin wannan aiki barci: ta yaya za a tabbatar cewa sabuwar sabar tana aiki daidai, da ainihin sunan shafin, ba tare da an tura iyaye da malamai can su zama zakaran gwajin dafi ba? A nan zan kira shafin `example.com`, tsohuwar sabar `198.51.100.7`, sabuwar kuma `203.0.113.20`. Wannan suna da waɗannan lambobi an keɓe su ne musamman domin misali a rubuce-rubuce, ba na kowa ba ne.

Idan mutum ya rubuta sunan shafi a burauza, kwamfutarsa ba ta san inda za ta je ba sai ta sami lambar IP da ke bayan sunan. Tsarin DNS ne ke ba da wannan amsa ga duniya baki ɗaya, kuma kowace amsa tana tafe da wa'adi da ake kira TTL, wato adadin daƙiƙun da aka yarda a riƙe amsar kafin a sake tambaya. A shafin makarantar nan wa'adin 86400 ne, awa 24 ke nan cif. Ma'anar haka ita ce, idan na canza adireshin da safe sannan na gano matsala da azahar na mayar da shi, duk kamfanin sadarwar da ya riga ya ɗauki sabuwar amsar yana iya ci gaba da tura mutanensa zuwa sabar da ta lalace har washegari, kuma babu wani maɓalli da zan danna in janye amsar daga hannunsa. Saboda haka bai kamata canjin DNS ya zama hanyar gwaji ba. Shi ne mataki na ƙarshe, bayan an gama gwaji.

Mutane da yawa sukan ce ai sai a rubuta lambar sabuwar sabar kai tsaye a burauza a gani. Wannan yana nuna cewa sabar tana raye, amma ba ya nuna cewa shafin yana aiki, kuma dalilin yana da muhimmanci domin a kansa dukan dabarar ta ginu. Saba ɗaya tana iya ɗauke da shafuka da dama a kan lamba ɗaya, kuma tana gane wanda ake nema ne ta sunan da burauza ta ambata a cikin buƙatarta, a layin da ake kira `Host`. Idan aka zo mata da lamba tsura, sai ta miƙa shafinta na gama-gari ko shafin wani. Haka nan satifiket ɗin tsaro na HTTPS da suna ake bayar da shi, saboda haka burauza za ta yi gargaɗi cewa sunan bai dace ba. Ƙari a kan haka, manhajoji irin su WordPress suna ajiye cikakken sunan shafin a rumbun bayanansu, sai ka ga ka shiga da lambar sabuwar saba, ka danna wurin shiga, an karkatar da kai zuwa `example.com`, wanda har yanzu yake nuna tsohuwar saba, ka ci gaba da gwaji kana murna alhali tsohon gidan ka koma. Abin da ake bukata shi ne a riƙe sunan yadda yake, a canza inda yake kaiwa, amma a kwamfuta ɗaya tak.

Fayil ɗin hosts aikinsa ke nan, kuma ya girmi DNS ɗin kansa. A zamanin ARPANET sunayen kwamfutoci duka a fayil ɗaya suke, mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar SRI a Kalifoniya ke kula da shi, kowa ya kwafa ya ajiye. Da kwamfutoci suka yi yawa har hakan ya gagara, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, amma fayil ɗin bai ɓace ba. Har yau, a bisa tsarin da kwamfutoci ke zuwa da shi, ana duba shi kafin a tambayi DNS, kuma idan aka sami sunan a ciki, amsarsa ake ɗauka. Kamar mutum ne da ya rubuta sabuwar lambar wayar abokinsa a littafinsa na aljihu: shi kaɗai zai kira sabuwar, sauran jama'a suna nan da tsohuwar.

A Windows fayil ɗin yana nan:

```
C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts
```

A Linux da macOS kuma yana `/etc/hosts`. A dukansu sai da ikon mai kula da kwamfutar ake iya gyara shi. A Windows hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nemi Notepad, a danna dama a zaɓi `Run as administrator`, sannan daga cikinsa a buɗe fayil ɗin, tare da sauya zaɓin nau'in fayil zuwa `All Files`, domin hosts ba shi da wutsiyar `.txt` kuma ba zai bayyana ba in ba a yi haka ba. A nan ne masu farawa suka fi tuntuɓe: sukan buɗe Notepad ba tare da wannan iko ba, ya ƙi ajiyewa a wurin, ya ba su shawarar su ajiye a wani wuri, su ƙare da `hosts.txt` a cikin `Documents`, fayil ɗin da kwamfuta ba za ta taɓa kallo ba. A Linux da macOS umarni ɗaya ya isa, `sudo nano /etc/hosts`. Abin da na ƙara a ƙarshen fayil ɗin layi uku ne:

```
# gwajin sabuwar saba
203.0.113.20  example.com
203.0.113.20  www.example.com
```

Lamba ce ke fara zuwa, sai tazara, sai suna. Duk layin da ya fara da `#` ana tsallake shi, shi ya sa ake amfani da alamar wajen barin tunatarwa, ko wajen kashe layi na ɗan lokaci ba tare da an goge shi ba. Fayil ɗin ba shi da wayo ko kaɗan, kuma ya kamata a san iyakarsa tun da wuri. Ba ya karɓar `https://`, ba ya karɓar lambar ƙofa irin `:8080`, ba ya karɓar alamar tauraro `*` da nufin a haɗa dukan ƙananan sunaye. A wurinsa `example.com` daban, `www.example.com` daban, kuma idan hotuna ko wurin shigar malamai suna ƙarƙashin wani ƙaramin suna kamar `portal.example.com`, shi ma sai an rubuta masa layinsa. Wanda ya manta da wannan zai sami shafi rabi daga sabuwar saba rabi daga tsohuwa, ya ga komai lafiya lau, sai ranar da aka kashe tsohuwar hotuna su ɓace.

Bayan an ajiye, matakin da na fi ba wa muhimmanci shi ne tabbatar da wace saba ake kallo, domin kwafi biyun kamanninsu ɗaya, ido ba zai bambance su ba. A Windows, da farko a share abin da kwamfutar ta riƙe na tsoffin amsoshi, sannan a tambaye ta inda take zaton sunan yake:

```
ipconfig /flushdns
ping example.com
```

A layin farko na amsar `ping` za a ga lambar da kwamfutar ta zaɓa. Idan `203.0.113.20` ce, gyaran ya kama, ko da sabar ba ta amsa ba, tunda wasu sabobin an hana su amsa irin wannan ƙwanƙwasawa. A Linux `getent hosts example.com` yana nuna abu ɗaya. Amma kada a yi amfani da `nslookup` ko `dig` a nan. Su biyun kai tsaye suke zuwa su tambayi DNS, ba su duba fayil ɗin hosts, don haka za su ci gaba da nuna `198.51.100.7` ko da gyaran ya yi daidai. Na ga ƙwararren ma'aikaci ya shafe rabin awa yana sake rubuta layi mai kyau saboda `nslookup` ya ƙi nuna masa abin da yake so. Amfanin waɗannan biyun yana wani gefe: su ne shaidar cewa sauran duniya har yanzu tsohuwar saba take gani, wanda shi ne abin da muke so a wannan mataki.

Burauza kuma tana da nata taurin kai. Tana riƙe da nata jerin amsoshin, sannan tana barin haɗin da ta riga ta buɗe da tsohuwar saba a buɗe na ɗan lokaci, ta ci gaba da bi ta nan ko da adireshi ya canza. Mafi sauƙi shi ne a rufe ta gaba ɗaya a sake buɗewa. A Chrome ana iya shiga `chrome://net-internals/#dns` a share jerin, sannan `chrome://net-internals/#sockets` a rufe tsoffin haɗe-haɗen. Daga nan sai a danna F12, a shiga sashen `Network`, a sake loda shafin, a danna buƙata ta farko a duba `Remote Address`. Lambar da ke wurin ita ce sabar da ta amsa. Ni kam ba na tsayawa nan. Nakan ajiye ɗan fayil mai suna `sabuwa.txt` a kan sabuwar saba kaɗai, in buɗe `example.com/sabuwa.txt`. Idan ya buɗe, ina sabuwar. Idan aka ce babu shi, ina tsohuwar, kuma duk gwajin da na yi kafin nan aikin banza ne. Idan `ping` ya nuna sabuwar lamba amma burauza ta nace kan tsohuwa, a duba ko kwamfutar tana fita ta firoksi, kamar yadda ake yi a wasu ofisoshi da manyan makarantu, domin a wannan hali firoksin ne ke neman adireshin a madadin kwamfutar, shi kuwa bai san da fayil ɗinka ba.

Abu na farko da na ci karo da shi a shafin makarantar shi ne gargaɗin satifiket, kuma wannan matsala ce mai kama da ta ƙwai da kaza. Shafin yana amfani da satifiket na Let's Encrypt, wanda ake bayarwa kyauta. Hanyar da aka fi bi wajen samunsa ita ce sabobin Let's Encrypt su ziyarci shafin ta sunansa su ga wata alama da aka ajiye, amma su DNS na duniya suke bi, saboda haka tsohuwar saba za su je, ba za su sami alamar ba, su ƙi bayarwa. Gyaran da na yi a kwamfutata bai shafe su ba. Mafita biyu ce. Ko dai a kwafo satifiket ɗin da ke aiki tare da makullinsa na sirri daga tsohuwar saba zuwa sabuwar ta amintacciyar hanya, ko kuma a tabbatar da mallakar sunan ta DNS, inda ake ƙara rikodin TXT mai suna `_acme-challenge.example.com`, wanda ba ya taɓa inda maziyarta ke zuwa. Na bi ta farko domin satifiket ɗin yana da sauran kwana kusan hamsin. Shawarata ita ce kada a danna maɓallin wuce gargaɗi a ci gaba da gwaji da niyyar gyarawa daga baya, domin wannan gargaɗin shi ne ainihin abin da iyaye za su gani ranar da aka canza. Idan ma shafin ya taɓa aika wa burauza umarnin HSTS, wanda ke tilasta mata shiga ta HTTPS kaɗai, maɓallin wucewar ba zai bayyana ba sam.

Da satifiket ya daidaita, sai na bi shafin kamar yadda masu shi ke binsa, na shiga a matsayin malami, na shiga a matsayin uba. Shafin farko ya buɗe da sauri, kuma da a nan na tsaya da na ce an gama. Da na gwada ɗora hoton ɗalibi da aka ɗauka da waya, mai nauyin megabait uku da ɗoriya, sai ya ƙi hawa ba tare da wani bayani ba. Dalilin shi ne PHP, yaren da ke tafiyar da shafin a kan saba, yana zuwa da iyakar `upload_max_filesize` ta `2M`, an ɗaga ta a tsohuwar saba shekaru da suka wuce, kowa ya manta, sabuwar kuma tana nan yadda ta zo. Na ɗaga ta tare da `post_max_size`, wadda dole ta fi ta girma. Sai kuma takardar sakamako da na buga da ƙarfe goma na safe ta fito da ƙarfe tara, saboda agogon sabuwar sabar yana kan UTC, Nijeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Na saita shi zuwa `Africa/Lagos`. Kuskuren awa ɗaya ƙarami ne a ido, amma a makarantar da ke rufe shigar da maki da tsakar dare, yana nufin ƙofar za ta rufe ba a lokacin da aka sanar ba. Irin waɗannan matsaloli ba su fitowa sai an yi aiki na gaske da ainihin sunan shafin, kuma su ne ribar dukan wannan wahala.

Akwai kuma abin da wannan gwaji ba zai taɓa nunawa ba, kuma gara a faɗa wa mai shafin a fili. Duk wanda ke wajen kwamfutar gwajin yana bin DNS na duniya. Idan makarantar tana karɓar kuɗi ta intanet, kamfanin biyan kuɗin yakan aiko da saƙon tabbaci zuwa shafin bayan an biya, kuma wannan saƙo tsohuwar saba zai je ko da daga sabuwar aka fara biyan, sai sabuwar ta zauna tana jiran tabbacin da ba zai zo ba. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, iyakar gwajin ce, kuma sai bayan canji ake iya duba shi. Imel mai shigowa ma haka, rikodin MX na DNS yake bi, wanda ke nuna sabar da ke karɓar imel. Imel mai fita daga sabuwar saba kuwa yana iya faɗawa akwatin shara idan rikodin SPF na sunan, wanda ke jera sabobin da aka yarda su aika imel da shi, bai ambaci sabuwar lambar ba, wannan kuma ana iya gyara shi tun kafin ranar. Idan shafin yana bayan Cloudflare ko makamancinsa, wato kamfanonin da ke tsayawa tsakanin maziyarta da saba, layin hosts yana tsallake shi ya kai ka sabar kai tsaye, don haka abin da ka gwada ba shi ne cikakkiyar hanyar da maziyarta za su bi ba.

Haɗarin da ya fi duka girma, a ganina, yana wajen bayanai. Daga lokacin da aka kwafi rumbun bayanai zuwa sabuwar saba, an sami rumbu biyu da ke rabuwa a hankali: malamai suna zuba maki a tsohon, mai gwaji yana zuba bayanan gwaji a sabon. Dole ne a sake kwafo tsohon a kan sabon daf da canji, kuma wannan kwafi zai shafe duk abin da aka shigar a sabon. A nan na yi kuskuren da ya sa nake nanata maganar. Da nake son shugaban makarantar ya ga saurin sabuwar sabar da idonsa, sai na ƙara layukan a kwamfutar ofishinsu, na nuna masa, muka fita sallar azahar, na wuce ban cire ba. Da yamma ma'aikacin ofishin ya zauna a kan wannan kwamfutar ya shigar da makin aji guda, adireshin da ya saba ya rubuta, shafin da ya saba ya gani, bai yi laifin komai ba. Washegari malamin ajin ya kira ni ya ce, "Malam, an ce an shigar da makin ajina jiya, amma a wayata ban ga ko ɗaya ba." Makin yana rumbun gwaji. Da bai kira ba, da kwafin ƙarshe ya share shi. Tun daga ranar ba na taɓa fayil ɗin hosts a kwamfutar da wani ke aiki da ita, kuma nakan sa jan rubutu a saman kwafin gwajin da ke cewa wannan gwaji ne, kada a shigar da komai.

Ga wanda yake son duba abu ɗaya da sauri ba tare da ya bar wani saura a kwamfuta ba, `curl` yana da hanyar yin wannan dabarar a buƙata ɗaya tak:

```
curl -I --resolve example.com:443:203.0.113.20 https://example.com/
```

Umarnin yana tura buƙatar zuwa sabuwar lamba da ainihin sunan, yana duba satifiket, ya nuna kan amsar da ta dawo, kuma babu abin da za a manta a goge. Ba ya maye gurbin bin shafin da burauza, amma da shi nake fara dubawa.

Canjin kansa sai da na shirya masa tun kwana biyu kafin ranar, lokacin da na rage TTL daga 86400 zuwa 300, wato minti biyar. Dole a yi ragin da wuri, aƙalla tsawon tsohon wa'adin, domin waɗanda suka riga suka ɗauki amsar mai awa 24 ba za su san an rage ba sai ta ƙare musu. Daren Juma'a, bayan an sanar da malamai, na dakatar da shigar da bayanai a tsohuwar saba, na sake kwafo rumbun, na canza rikodin A, wanda ke haɗa suna da lambar IP, na `example.com` da na `www` zuwa `203.0.113.20`, na kuma duba ko akwai rikodin AAAA da ke nuna tsohuwar, tunda masu shigowa ta IPv6, sabon tsarin lambobin IP, shi za su bi. Sannan na goge layukan uku daga fayil ɗin hosts, na sake `ipconfig /flushdns`. Wannan gogewar wajibi ce, domin muddin layukan suna nan kwamfutata za ta nuna mini sabuwar saba ko da na yi kuskuren lamba a DNS, in zama ni kaɗai ne shafin ke buɗe wa a duk Katsina. A wannan karon `nslookup` ne ya dace, kuma ya nuna sabuwar lamba. Na kashe waya-fai a wayata na buɗe `sabuwa.txt` da datar layina, ya buɗe, sai na goge shi daga sabar tare da jan rubutun. Tsohuwar saba na bar ta a kunne mako guda ina duba rajistar maziyartanta, kuma sai da na ga babu mai zuwa sai manhajojin bincike masu yawo sannan na ɗaga TTL zuwa 3600, na ajiye kwafin ƙarshe na rumbunta, na rubuta wa makarantar cewa za su iya daina biyan hayarta.